Takardar Binciken Haraji: Abin da Mai Shago Zai Fara Tattarawa

Takardar da hukumar haraji ke kai wa mai shago iri-iri ce, amma a bakin jama'a sunanta ɗaya, wato "an kawo haraji". Daga wannan kuɗin goro ake fara yin asara. Ɗan tireda a Ƙaraye ko mai kantin kayan masarufi a Rogo zai karɓi takarda da Turanci mai ɗauke da hatimi, gabansa ya faɗi, sai ya yi ɗayan biyu: ko ya cusa ta ƙarƙashin kanta ya ce Allah ya kyauta, ko ya bazama neman wanda ya san wani a ofis. Duka biyun ɓata lokaci ne, alhali a wannan sha'ani kwanaki ake ƙirgawa.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne wanda ya aiko. Shagon da mutum ɗaya ke gudanarwa, ko da ya yi rajistar sunan kasuwanci, harajin ribarsa na jiha ne, kuma Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Kano, KIRS, ita ke da hurumi a kansa. Wanda ya yi rajistar kamfani sosai, shi ne harajin ribarsa ke hannun hukumar tarayya, wadda aka sani da FIRS kafin ta koma NRS a farkon 2026. Ƙaramar hukuma kuwa kuɗin shago da na rumfar kasuwa take karɓa, ba ta da ikon tambayar ribar kowa. Saboda haka rasit ɗin ƙaramar hukumar Rogo, komai yawansa, ba ya zama shaidar biyan harajin riba, ko da yake yana da nasa amfanin da za mu zo kansa.

Sai kuma a gane me takardar ke cewa. Takardar bincike sanarwa ce cewa jami'ai za su duba lissafin wasu shekaru. Takan ambaci shekarun, da takardun da ake so, da ranar da za a zo ko a kai su. Babu hukunci a cikinta, ba a kuma ce ana bin ka ko sisi ba. Takardar ƙiyasi ita ce mai ɗauke da adadi, mai cewa ga ribar da muka ɗauka ka samu, ga harajin da ya hau kanka. Wannan ce mai haɗari, domin doka ta ba da kwana 30 daga ranar da aka miƙa ta don a rubuta ƙin amincewa, in kuwa wa'adin ya wuce babu amsa, adadin ya zauna daram ko da an zalunci mutum. Don haka ranar da takarda ta shigo hannu, a rubuta kwanan wata a bayanta, a ɗauki hotonta, a kai wa wanda ya iya karatu ya karanta ta daga sama har ƙasa. In ana shakkar sahihancinta, a je ofishin hukumar da ita a tambaya, kada a kira lambar wayar da ke jiki.

To, wace takarda za a fara nema? Mutane da yawa sukan fara da tsofaffin rasitan haraji. A ganina wannan ya zo daga baya. Abu na farko shi ne bayanan asusun banki na dukkan shekarun da aka ambata, na kowane asusu, har da na wayar hannu da na na'urar POS. Dalili kuwa shi ne, idan mai shago ba shi da littafin lissafi, doka ta yarje wa jami'i ya ƙiyasta ribarsa gwargwadon fahimtarsa, kuma abin da ya fi sauƙin kamawa shi ne jimillar kuɗin da suka shiga asusu. Gardamar duka a kan wannan adadi za ta tsaya: nawa ne ciniki a ciki, nawa ne ba ciniki ba.

Bari mu ƙaddara wani mai kantin kayan masarufi a garin Ƙaraye, wanda aka ce za a duba lissafinsa na 2024. Ya karɓo bayanan asusunsa biyu, sai ga jimillar shiga ta kai naira miliyan 30. Shi kansa sai da ya riƙe baki, don bai taɓa ganin miliyan 2 a dunƙule ba. Idan jami'i ya ɗauki wannan a matsayin ciniki, ya ƙiyasta riba da kashi 20 cikin ɗari, ribar ta zama miliyan 6, harajinta kuma a ƙarƙashin dokar da ke aiki a wannan shekarar naira 896,000 ne.

Yanzu sai a zauna da biro a bi shigar kuɗin layi-layi. Naira miliyan 5 kuɗinsa ne da ya riƙa turawa daga asusun waya zuwa na banki, wato an ƙirga su sau biyu. Wannan shi ne mafi sauƙin tabbatarwa, tunda fita a nan da shiga a can rana ɗaya ce, adadi ɗaya, suna ɗaya. Miliyan 4 kuwa na maƙwabta ne da ke turo masa kuɗi ya ba su tsaba, al'adar da ta kafu tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kuma ta fi ƙarfi a garuruwan da banki ya yi wa nisa. Miliyan 2 wansa ne da ke Legas ya turo don ginin gida, miliyan 1 kuma kwasar adashe ce. An cire miliyan 12 ke nan, saura 18.

Sai dai a lura, cewa da baki "na ɗan'uwana ne" ba hujja ba ce. Kuɗin gini ana kare su da sunan mai turowa, da rasitan siminti da kwano na makonnin da suka biyo baya. Adashe ana kare shi da littafin uwar adashe ko shugaban ƙungiya, da zubin da mai shagon ya riƙa yi duk mako. Kuɗin maƙwabta su ne masu wuya, domin a takardar banki babu abin da ya bambanta wanda ya turo dubu 20 ya karɓi tsaba da wanda ya turo dubu 20 ya ɗauki shinkafa. In babu littafin da aka riƙa rubuta su, wataƙila a karɓi wani kaso a ƙi wani, kuma ba zan ga laifin jami'in da ya yi haka ba.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda masu ba da shawara a bakin kasuwa ba sa son faɗa. Mai kantin nan yana da cinikin tsaba da bai taɓa shiga banki ba, wanda littafinsa na yau da kullum ya nuna ya kai miliyan 6. Dole a haɗa shi, cinikin shekara ya zama miliyan 24. Ɓoye shi wauta ce, domin rasitan sari za su nuna ya sayo kayan da suka fi abin da ya ce ya sayar, kuma wanda aka kama da ƙarya ɗaya, an daina yarda da sauran gaskiyarsa. Ga shi kuma ƙa'idar nan ta cewa hukuma ba ta waiwayar abin da ya wuce shekara 6 ba ta kare wanda aka samu da ha'inci ko ɓoyewa da gangan.

Takardu na biyu a jeri su ne shaidar sari, kuma a nan ne kuɗin gaske yake. Haraji a kan riba yake, riba kuwa ita ce abin da ya rage bayan an cire kuɗin kaya da ɗawainiyar shago. Mai kantinmu ya sayar da kayan da ya saro a kan miliyan 20 da dubu 400, yawanci daga kasuwar Singa a Kano. In ba shi da takardar rabin wannan sari, a idon mai bincike ribarsa na iya ƙaruwa da fiye da miliyan 10 da bai taɓa gani ba. Rasitan Singa, kowa ya sani, ƙananan takardu ne da ke ƙarewa a aljihun direba. Mafita ita ce a koma wurin dilan da ake sari a hannunsa, a roƙe shi ya fitar da lissafin shekara daga littafinsa, ya sa hannu da hatimi, sannan a jera shi da kuɗin da suka fita daga asusu zuwa sunan dilan. Abin da ba a yi shi ne sayen sabon littafin rasit a cike da kwanan watan baya. Tawada ɗaya da hannu ɗaya da lambobi a jere na shekara guda, ko ɗan koyo zai gane su.

Na uku shi ne littafin bashi, wanda a ƙasar Rogo da Ƙaraye ya fi kowane littafi kauri. Manomi yakan ɗauki kaya da damina ya biya da kaka, bayan ya sayar da masara ko rake. Wannan ciniki ɗaya ne, amma yana iya bayyana sau biyu, ranar da kaya suka fita a littafin ciniki, da ranar da kuɗi suka shigo a banki. Littafin bashin ne kaɗai zai nuna cewa kuɗin Nuwamba biyan kayan Yuli ne. Ko da Hausa aka rubuta shi, ko da ajami, a kawo shi yadda yake. In an buƙaci fassara, a yi ta a takarda daban, kada a sake kwafe littafin don ya yi kyau.

Daga nan sai ɗawainiya: hayar shago, albashin yaron shago, kuɗin mota da na dako, man janareta, da rasitan ƙaramar hukuma da muka ambata, waɗanda ke shiga nan a matsayin kashe kuɗin kasuwanci. A ce sun tashi miliyan 1 da dubu 200. Cefanen gida da kuɗin makarantar yara ba sa ciki, ko da daga aljihun shago suka fita. Riba ta tsaya a miliyan 2 da dubu 400. Bayan rangwamen da tsohuwar doka ta bayar, wato naira 200,000 da kashi 20 cikin ɗari, harajin ya zama naira 249,200. Sai a wannan gaɓa ne tsofaffin rasitan haraji ke da aiki, domin duk abin da ya riga ya biya wa jiha na wannan shekarar za a cire shi daga ciki.

Na yi lissafin da tsohuwar doka da gangan. Sababbin dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka yafe haraji a kan naira 800,000 na farko, sun fara aiki ne a Janairun 2026. Wanda ake bincikar 2023 ko 2024 ba zai fake da su ba.

Ranar miƙa takardu, kwafi ake bayarwa, na asali ya zauna a gida, a kuma rubuta jerin abin da aka miƙa, jami'i ya sa hannu a kai. Idan bayan bincike takardar ƙiyasi ta fito da adadin da bai dace ba, a rubuta ƙin amincewa cikin kwana 30 ɗin nan, a faɗi dalilai ɗaya bayan ɗaya, a faɗi adadin da aka yarda da shi, a biya shi ta banki da sunan gwamnati, ba a hannun kowa ba. In hukuma ta tsaya a kan bakanta, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda reshenta na Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna, ita ma kwana 30 ne wa'adin kai mata ƙara.