Zauren Kasuwa: A Dakata da Kafin Alƙalami

Wani ɗan kasuwar Malanville ya nuna mini takardar wani kamfanin Guangzhou mai neman kafin alƙalami, sefa miliyan 3, kan kayan babur. Na ce ya dakata, ya nemi hoton lasisinsu.

Kamar yadda muke da RCCM a Benin, tun 2015 Sin take ba kamfanoninta lamba mai haruffa da alƙaluma 18. Ana shigar da ita a gsxt.gov.cn. Shafin da Sinanci yake, sai an nemi mai karantawa.

Rajista kam ta fito. Sai dai hoton lasisi ana sato shi, don haka muka gwada sunan da na asusun banki. Asusun na wani mutum ne a Hong Kong. Alhaji bai tura ko dala ba.