Agogon Gadi: Sharaɗin da Ya Kamata Ya Shiga Kowace Kwangilar Rijiyar Burtsatse a Katsina

Ruwan madatsar Ajiwa bai taɓa wadatar da kowace unguwa a birnin Katsina ba, shi ya sa makarantu da asibitoci da masallatai da dama suka dogara da rijiyar burtsatse da tanki a sama. A 'yan shekarun nan an fara cire hannun mutum daga wannan aiki. Maimakon maigadi ya kunna sumo ya kashe, sai a ɗora wata ƙaramar na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke auna ruwan tanki, ta tayar da famfo idan ruwa ya yi ƙasa, ta tsayar da shi idan ya cika. Wannan ci gaba ne, amma ya zo da tambayar da masu ba da kwangila ba su cika yi ba: idan ƙwaƙwalwar ta sandare a daren Juma'a, wa zai tashe ta?

Ra'ayina shi ne, bai kamata a karɓi irin wannan na'ura daga hannun mai haɗawa ba sai an ga agogon gadinta yana aiki, an kuma ga yana ƙirga sau nawa ya yi aikin. Agogon gadi shi ne abin da takardun masana'anta ke rubutawa `watchdog timer` ko `WDT`.

Ƙwaƙwalwar irin wannan na'ura aiki guda take maimaitawa: ta karanta ma'auni, ta yanke hukunci, ta ba da umarni, ta koma farko. Sandarewa na nufin ta maƙale a wani wuri cikin wannan zagaye. Fitilarta na ci, wuta na shigarta, amma ba ta ƙara duba komai. Abin da ke jawo haka a yanayinmu sananne ne. Akwai tartsatsin da kontakta ke yi duk lokacin da ta ɗauke ko ta saki babban injin, akwai rawar wutar lantarki a daidai lokacin da aka maido ta, akwai tsawar damina, sannan akwai zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin akwatin ƙarfe da ke fuskantar rana. Sau da yawa ma abin bai kai haka ba. Waya ce ta saki tsakanin ƙwaƙwalwa da allon nuni, sai manhajar ta tsaya jiran amsar da ba za ta taɓa zuwa ba.

Haɗarin yana cikin wani abu guda: ƙwaƙwalwar da ta sandare takan riƙe umarninta na ƙarshe. Idan famfo na kunne a lokacin, haka zai ci gaba. Mu ɗauki misalin wata makaranta mai tanki na lita 5,000 da sumo mai tura lita 2,000 a awa. Na'urar ta sandare da ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a, ba wanda zai dawo sai takwas na safiyar Litinin, wato awa 64. Ko da tankin fanko ne, awa biyu da rabi ta isa ya cika. Daga nan ruwa zai yi ta kwarara muddin akwai wuta, har ruwan rijiyar ya ja baya. Sumo kuwa ruwan da ke ratsa jikinsa ne ke sanyaya shi, idan ya ci gaba da juyawa babu ruwa sai ya ƙone. Asarar ba ta tsaya ga kuɗin sabo ba, akwai na masu zaro bututu, da kwanakin da yara za su koma jiran 'yan garuwa.

Dabarar agogon gadi ta yi kama da ta mai gadin dare da ake sa shi buga ƙarfe duk awa, domin idan an ji shiru a san barci ya sace shi. A cikin ƙwaƙwalwar akwai wani ma'ƙirgi mai zaman kansa da ke ƙidaya zuwa wani wa'adi. Aikin manhaja ne ta riƙa mayar da ƙidayar sifili kafin wa'adin ya cika. Idan ta sandare ba za ta iya ba, wa'adi zai cika, ma'ƙirgin ya tilasta wa ƙwaƙwalwar sake tashi daga farko. A `ATmega328P`, wadda ke kan allunan `Arduino Uno` da ɗaliban injiniya suka saba da su, agogon gadi na da nasa mabugin lokaci daban da na ƙwaƙwalwar, kuma ana iya zaɓar wa'adi daga kusan milisakan 16 zuwa daƙiƙa 8. A misalinmu, daƙiƙa 8 na famfo mai lita 2,000 a awa ba su kai lita biyar ba. Bambancin ke nan tsakanin buta biyu ta alwala da ƙonewar sumo. Ba a kuma sayen komai, domin agogon na nan cikin ƙwaƙwalwar tun daga masana'anta, kunna shi kawai ba a yi.

```
#include <avr/wdt.h>

void setup() {
  digitalWrite(FAMFO, A_KASHE);
  pinMode(FAMFO, OUTPUT);
  wdt_enable(WDTO_8S);
}

void loop() {
  bool a = karantaTanki();
  bool b = sarrafaFamfo();
  if (a && b) wdt_reset();
}
```

Layin da ya fi kowanne nauyi shi ne na ƙarshe. Umarnin `wdt_reset()` wuri ɗaya ya kamata ya zauna, a ƙarshen zagaye, kuma sai an tabbatar kowane aiki ya kammala. Kuskuren da aka fi yi shi ne yayyafa shi ko'ina a cikin manhaja don a huta da tashin da ba a so, ko a sa shi cikin aikin da ke gudana da kansa a kan kari, wanda ba ya tsayawa ko da babban zagaye ya mutu. Wannan daidai yake da maigadi ya ba yaro ƙarfen ya riƙa buga masa, shi kuwa ya ja bargo. Wa'adin ma sai an auna shi. A gano zagaye mafi tsawo da na'urar ke yi cikin lafiya, sannan a ba shi rata. Idan zagayen na ɗaukar daƙiƙa 2, wa'adin 8 ya wadatar. Amma duk wanda ya rubuta `delay(10000)` a tsakiya, na'urarsa za ta yi ta tashi ba tare da ta yi laifin komai ba.

Sake tashi kuma ba shi da amfani idan ba a tsara halin da famfo zai kasance a lokacin ba. A ɗan tsakanin da ƙwaƙwalwa ke farfaɗowa, ƙafafunta ba sa riƙe da umarnin komai, don haka dole a sa rasista da za ta ja wayar rile zuwa ɓangaren kashewa. Wannan na buƙatar lura, domin allunan rile da yawa da ake sayarwa a kasuwa sukan kunna ne idan an ba su `LOW`, saɓanin abin da mutum zai zata. Bayan an tashi, kada a tayar da sumo nan take. A jira minti biyar, ana ci gaba da zagaye ana duba agogo, saboda yawan tashi da tsayawa yana dafa injin. Masu amfani da tsofaffin allunan `Nano` kuma su sani cewa bayan agogon gadi ya tayar da ƙwaƙwalwa, yakan zauna a kunne da wa'adi mafi gajarta. Tsohuwar manhajar farawa ba ta kashe shi, sai allon ya shiga tashi da faɗuwa ba iyaka. Sauya ta da `Optiboot` yana magance wannan.

Akwai suka mai ƙarfi da wasu injiniyoyi ke yi, cewa agogon gadi rufa-rufa ce. Na'ura za ta iya sandarewa sau ashirin a rana tana tashi, kowa na yabon mai haɗawa, alhali cutar na nan tana girma. Gaskiya suka faɗa, amma maganin ba cire agogon ba ne. A Yulin 1997, kumbon Mars Pathfinder na hukumar NASA ya yi ta sake tayar da kansa a duniyar Mars, saboda wani ƙaramin aiki ya riƙe abin da babban aiki ke jira har wa'adi ya wuce. Tashin ya hana kumbon mutuwa, amma abin da ya warkar da shi shi ne injiniyoyi sun ga yana tashi, suka bi sawu a kan irinsa da ke hannunsu, suka aika gyara daga nan duniya. Tashin da ba wanda ya sani shi ne rufa-rufa.

Saboda haka duk na'ura ta riƙa ajiye lissafi, ta nuna shi a allo ko ta tura saƙon waya. Ƙwaƙwalwar takan bar alama a `MCUSR` da ke bambanta tashin agogon gadi da na ɗaukewar wuta, kodayake wasu manhajojin farawa kan share ta, don haka sai an gwada a kan allon da ke hannu. Lissafin da lokacinsa su ne ke nuna cutar. Idan tashin na zuwa daidai da ƙarar kontakta, tartsatsi ne, a raba wayoyin ma'auni da na injin, a sa abin kashe tartsatsi. Idan tsakanin azahar da la'asar yake taruwa a watannin bazara, a dubi zafin akwatin. Idan sai an maido wuta, a dubi abin da ke ciyar da allon. Sannan a kafa iyaka: tashi uku cikin awa guda, na'ura ta kulle famfo ta kunna jar fitila. Iyakar tana kare ma'ajiyar `EEPROM` ma, wadda aka lamunce wa rubutu 100,000 a kowane gurbi. Na'urar da ke tashi duk daƙiƙa 8 tana rubutawa za ta cinye wannan adadi cikin kwana tara da 'yan awoyi.

Dole kuma a san inda ikon agogon ya ƙare. Idan bakin rile ya narke ya manne, ko a tayar da ƙwaƙwalwa sau dubu famfo ba zai tsaya ba. Idan ma'aunin tanki ya lalace yana cewa babu ruwa alhali tanki na ambaliya, manhaja za ta yi zagayenta lafiya lau tana aikata ɓarna. Waɗannan sai makunnin da ke yawo a saman ruwa, wanda aka haɗa kai tsaye da kontakta ba tare da ya bi ta ƙwaƙwalwa ba, da kuma ƙa'ida a cikin manhaja cewa famfo ba zai wuce awa uku a kunne ba, tunda awa biyu da rabi ke cika tankin.

Shugaban makaranta ko ma'ajin kwamitin masallaci ba ya buƙatar iya rubuta manhaja kafin ya tabbatar da duk wannan. Ranar karɓar aiki, ya nemi mai haɗawa ya sandarar da na'urar da gangan alhali famfo na aiki, ta maɓallin gwaji da ke jefa ta cikin `while(1){}`. Ya riƙe agogonsa. Cikin daƙiƙa 8 famfo ya tsaya, allo ya farfaɗo, lissafi ya ƙaru da ɗaya, kuma sumo kada ya motsa sai minti biyar sun cika. A maimaita sau uku a ga na'urar ta kulle kanta. Gwajin duka ba zai ci rabin awa ba. Mai haɗawar da ya san aikinsa zai yi shi da fara'a, wanda kuwa ya fara kawo uzuri, a riƙe cikon kuɗinsa har ya gyara.