“Mun samu bayanka”: inda fassarar talla ke yin tuntuɓe

A ɗauka wani kamfanin ganyen shayi da ke Legas ya shirya tallan da zai saka a shafukansa na sada zumunta lokacin hunturu. Hoton kofin shayi ne yana tururi a bakin taga, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta: “Mornings are hard. We’ve got your back. Grab a cup and own your day!” Sai aka tura wa mai fassara a Kano, aka ce a mayar da shi Hausa kafin la’asar. Idan ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ga abin da zai fito: “Safiyoyi suna da wuya. Mun samu bayanka. Damƙi kofi ka mallaki ranarka!”

Kowace kalma a nan tana cikin ƙamus, amma babu Bahaushen da zai faɗi wannan magana, kuma wanda ya karanta ta ba zai ji sha’awar shayi ba. Kamfanin ya biya kuɗin wata murya ce ta musamman, ta aboki mai raha wanda ya san wahalar tashi da sassafe. Wannan murya ita ce amanar da ke wuyan mai fassara. Kalmomin Turancin hanya ce kawai da marubucin farko ya bi ya kai gare ta, kuma ba dole ne hanyar Hausa ta bi ta nan ba.

Ya dace a fara duba inda fassarar farkon ta lalace. Hausa ba ta saba jam’inta safiya a irin wannan magana ba, shi ya sa “safiyoyi” ke yi wa kunne nauyi. “Mun samu bayanka” ya fi muni. Turancin yana nufin kada ka damu, akwai masu tallafa maka. A Hausa kuwa maganar ta yi kusa da “ganin bayan” mutum, wato gamawa da shi, don haka alkawarin taimako ya koma kamar barazana. “Damƙa” kalma ce ta kamun ɓarawo, ba ta ɗaukar kofi cikin nishaɗi ba. “Mallaka” tana tafiya da dukiya, wani lokaci ma da zancen asirin da ake cewa mace ta yi wa miji. Ita kuma “ranarka” takan nuna wata rana ta daban a rayuwar mutum, kamar ta ɗaurin aure, alhali marubucin yinin aiki na kullum yake nufi.

Saboda haka matakin farko shi ne a ajiye jimlolin gefe, a tambayi aikin da kowacce ke yi. Ta farko tana nuna tausayi cikin wasa. Ta biyu tana kwantar da hankali. Ta uku tana gayyatar mutum ya sha, sannan ta tura shi bakin aikinsa da ƙarfin gwiwa. Sai a lura da siffar maganar: jimlolin gajeru ne, babu kalmar ofis ko ta wa’azi, kuma mai maganar tsaran mai karatu ne. Wanda ya rubuta waɗannan abubuwa a takarda ya riga ya sami ma’aunin da zai gwada duk Hausar da ta zo masa.

Mataki na biyu shi ne wanda Turanci ba ya tilasta wa marubucinsa, amma Hausa take tilasta wa nata. Kalmar “you” tana ɗaukar namiji da mace, mutum ɗaya da taro, babba da yaro. Hausa ba ta da irinta, dole a zaɓa tsakanin ka, ki, ku da a, kuma kowane zaɓi yana sauya dangantakar kamfani da mai saye. Sanannen taken madarar Peak, “It’s in you”, ya isa misali. Wanda ya mayar da shi “yana cikinka” ya bar mata a waje, kuma ya mayar da zancen baiwar da ke tare da mutum zancen tumbi. Idan ya ce “yana cikinki”, hankalin mai ji zai iya tafiya ga juna biyu.

A tallan shayin, “ka” ita ce ta fi kusa da muryar aboki, amma ta ware mata, alhali a gidaje da yawa su ne ke haɗa shayin safe. “A” tana da ladabi, ita ce ta mai masaukin baƙi da ke cewa a sha ruwa mana, sai dai tana sanya ɗan nisa tsakanin mai magana da mai ji. “Ku” ta haɗa kowa kuma tana ɗauke da girmamawa, amma idan jimlar ta yi tsawo takan koma muryar sanarwar hukuma a rediyo. Babu zaɓin da ya kuɓuta daga asara. Idan tallan na kuɗi ne wanda ake iya aika wa maza daban mata daban, ana iya rubuta biyu, ɗaya da “ka” ɗaya da “ki”. Idan kuwa rubutu ɗaya ne a shafin da kowa ke gani, “ku” ta fi aminci, muddin an riƙe gajartar jimla.

Daga nan sai neman maganar da Hausa ta riga ta tanada domin kowane aiki. Idan abu ya yi wa Bahaushe wuya kuma yana so ya faɗa da murmushi, yakan ce “sai a hankali”. Idan zai kwantar wa wani da hankali, yakan ce “sha kuruminka”. Wannan ta biyun ta zo da wata riba da Turancin ba shi da ita, domin kalmar “sha” ita ce dai ta shan shayi. Idan aka jera su, ana iya samun wannan: “Tashin safe sai a hankali? Ku sha kuruminku, ku sha shayinku, ku kama harkarku.”

Kalma 14 ce, daidai da ta Turancin, don haka za ta zauna a gurbin da mai zane ya tanada. Tausayin yana nan, kwantar da hankalin yana nan, haka gayyatar da turawa bakin aiki. Maimaita “ku” a ƙarshen gaɓoɓi uku ya ba ta kari mai saurin zama a ka. Akwai kuma abin da aka rasa, kuma mai gaskiya zai faɗa wa kamfanin. “Kama harka” ba ta kai jimlar Turancin bugun ƙirji ba. An rage wannan da gangan, domin mutumin da ya saba cewa “in Allah ya kai mu” kafin ya ambaci gobe zai ji iƙirarin mallakar yini kamar cika baki. Kamfanin da ke cewa “mu” shi ma ya ɓace daga jimlar, amma tambarinsa yana kan kofin.

Akwai kuskure na biyu, wanda ƙwararrun Hausa suka fi faɗawa ciki. Mutum ya tsere wa fassarar kalma da kalma, sai ya buɗe taskar karin magana. Yana iya fara tallan da “da sanyin safiya ake kama fara”. Hausa ce tsantsa, kuma ta dace da safiya, amma ta sauya mai maganar: aboki mai raha ya koma dattijo mai yi wa malalaci nasiha. Tallan banki mai taƙama da daɗewa zai iya ɗaukar wannan nauyi, na shayin matasa kuwa ba zai ɗauka ba. Daɗin Hausar kaɗai bai isa hujja ba, sai an tabbatar mai maganar bai canza ba.

Masu kula da tallan kamfanoni suna da tasu hujjar ta son fassarar da ta manne wa asali, kuma ba hujjar banza ba ce. Da yawansu ba sa jin Hausa, kuma su ne za su amsa tambaya idan wani abu ya ɓaci. A Nijeriya hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, tana tantance tallace-tallace, NAFDAC kuma tana sa ido kan abin da ake faɗa game da abinci da magani. Da mai fassara ya ga dama ya rufe tallan da “ku tashi garau”, da ya yi daɗi a baki, amma “garau” kalma ce ta samun lafiya, kuma ya ɗora wa kamfanin alkawarin da bai yi ba. Nan ne iyakar ’yancinsa take. Yana da damar sauya hoto, salo da jerin kalmomi. Farashi, ranar da garaɓasa za ta ƙare, sharuɗɗanta da duk wani iƙirari game da amfanin kayan kuwa, sai su tsallako yadda suke, ba ƙari ba ragi.

Abin da bai dace ba shi ne hanyar da aka saba bi wajen kwantar da wannan tsoro. Ana ba wani mutum daban Hausar ya mayar da ita Turanci, sannan a gwada da asalin. Wannan gwaji yana da amfani ga takardar yarjejeniya ko umarnin shan magani. A talla kuwa yakan fifita mummunar fassara. “Mun samu bayanka” za ta koma Turanci daidai da asalinta, ta ci jarrabawa. “Ku sha kuruminku” za ta koma wani abu kamar shan shiru, a ce mai fassara ya kauce. Abin da ya fi shi ne mai fassara ya miƙa zaɓi biyu ko uku, kowanne da ma’anarsa ta zahiri da ɗan bayanin yadda Bahaushe zai ji shi da abin da aka sadaukar. Da wannan, wanda ba ya jin Hausa zai yanke shawara da sani.

Gwajin da ya fi tona asirin fassara mai sauƙi ne. A karanta wa mutum uku ko huɗu rubutun da baki, cikinsu har da mace da wanda bai yi boko ba, ba tare da an nuna musu Turancin ba. Sai a tambaye su wane ne suke jin yana magana, kuma me yake so su yi. Idan suka ce wani abokin wasa ne ke kiran su shan shayi, aiki ya yi. Idan suka ce sanarwa ce, ko suka nemi a maimaita, akwai sauran gyara. Kafin a saki hoton kuma, a duba cewa rubutun da mai zane ya zaɓa yana fitar da ƙ, ɗ da ɓ, domin in babu lanƙwasa “ƙasa” takan koma “kasa”, tallan da ke taƙama da faɗin ƙasa ya wayi gari yana zancen gazawa.

Wannan aiki rubutu ne sabo, ko da yake an gina shi a kan na wani. Biyan sa da lissafin kalma, kamar yadda ake biyan fassarar rahoto, yana koya wa mai fassara ya miƙa abin da ya fara zuwa masa, domin ladan kalma 14 bai kai a ɓata masa yini ba. Kamfanin da ya kwashe makonni yana tace jimlar Turanci ɗaya ya kamata ya ba mai Hausar bayanin muryar da yake so da hoton da rubutun zai raka, sannan ya ba shi lokacin da zai gwada ta a kunnen mutane kafin ta fita.