Alhakin banki idan an cire kuɗi daga asusu ba da izinin mai shi ba

Cire kuɗi ba da izini ba shi ne duk wata tiransifa ko cire kuɗi da aka yi daga asusun banki ko asusun waya ba tare da mai asusun ya bayar da umarni ba. A Najeriya babu wata doka guda ɗaya da ta ce kai tsaye banki zai mayar wa mutum kuɗinsa a irin wannan hali. Alhakin yana warwatse ne a cikin ƙa'idojin Babban Bankin Najeriya, wato CBN, da Dokar Laifukan Intanet ta shekarar 2015, da hukunce-hukuncen kotuna. Batun ya ƙara shafar ƙauyuka irin su Yargoje da ke ƙaramar hukumar Kankara, da yankunan Faskari da Sabuwa a jihar Katsina, tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, lokacin da manoma da 'yan kasuwa da yawa suka koma ajiye kuɗi a waya da hulɗa da masu POS.

## Tushen alhakin

A shari'a, kuɗin da mutum ya ajiye a banki bashi ne a kan bankin, kuma banki ba ya da ikon rage ko sisin kwabo sai da umarnin mai asusu. Da za a tsaya a nan, da duk kuɗin da ɓarawo ya fitar asarar banki ce. Matsalar ita ce yadda ake gane umarni a yau. Na'urar banki ba ta ganin fuska. Abin da take gani shi ne layin wayar da aka yi rajista da shi da kuma lambar sirri, kuma idan su biyun suka yi daidai sai ta ɗauka mai asusun ne ya yi magana. Shi ya sa amsar farko da banki ke bai wa mai koke kusan kullum ita ce an yi amfani da lambar sirrinsa, don haka shi ya yi sakaci da ita.

Sashe na 19 na Dokar Laifukan Intanet ta shekarar 2015 ya ƙarfafa hannun bankuna a wannan gardama. Sashen ya wajabta musu kafa matakan hana zamba masu inganci, amma a jimla guda ya ce idan an samu keta tsaro, mai asusu ne zai tabbatar da cewa bankin zai iya yin fiye da abin da ya yi. Wannan nauyi ne da aka ɗora wa wanda ba shi da hujjar a hannunsa, domin bayanan wace waya aka yi amfani da ita, da ƙarfe nawa, da ko an sauya lambar sirri kafin a cire kuɗin, duk suna cikin rumbun bankin. A shari'ar Agi da bankin Access, wadda ta shafi cire kuɗi ta na'urar ATM, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi amincewa da ƙarar mai asusun saboda bai tabbatar da sakacin bankin ba.

## Ƙa'idar USSD

Ga mutanen karkara, ƙa'idar da ta fi amfani ita ce wadda CBN ya fitar a shekarar 2018 kan hada-hadar kuɗi ta USSD, wato lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya masu farawa da tauraro. Ta sanya iyakar naira 100,000 a rana ga kowane mai asusu, sai dai idan shi da kansa ya sa hannu a takardar neman ƙari tare da ɗaukar alhakin abin da zai biyo baya. Ta ce duk cinikin da ya wuce naira 20,000 sai an nemi shaida ta biyu bayan lambar sirri, kuma ba za a tura wannan shaida zuwa layin wayar da ake cinikin da shi ba. Hikimar a bayyane take: wanda ya sace waya, saƙon da aka turo wa wayar a hannunsa zai faɗa. Ƙa'idar ta kuma wajabta wa kowane banki samar da hanyar da mutum zai rufe asusunsa daga USSD. Daga nan ne lambobin gaggawa suka fito, irin su `*901*911#` na bankin Access da `*966*911#` na bankin Zenith, waɗanda ake iya dannawa daga wayar wani.

Kafin wannan, a shekarar 2015, CBN ya umarci bankuna da kamfanonin kuɗin waya su buɗe teburin karɓar koken zamba mai aiki dare da rana, wanda zai iya hana fitar kuɗi daga asusu da zarar koke ya iso.

## Misali

A ɗauka wani ɗan kasuwar hatsi daga Yargoje yana da naira 250,000 a asusunsa. Ranar Talata da yamma aka ƙwace masa waya a hanya. A daren nan aka yi tiransifa sau biyar ta USSD, kowace naira 20,000, jimla naira 100,000. Ranar Laraba da ƙarfe 9 na safe ya ari wayar maƙwabci ya kira bankin ya sanar. Da ƙarfe 12 na rana sai aka sake fitar da naira 90,000 a lokaci guda. Abin da ya rage masa naira 60,000 ne.

Asarar naira 190,000 ce, amma kashi biyu ce, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Naira 90,000 ta ranar Laraba tana da ƙarfin hujja ta fuska biyu. An fitar da ita awa uku bayan an sanar da bankin, lokacin da ya kamata a ce asusun a rufe yake. Sannan ta wuce naira 20,000, don haka bankin zai nuna wace shaida ta biyu aka bayar kafin ta fita. Idan babu, ko kuma an tura ta zuwa layin da aka sace, bankin ya saɓa wa ƙa'idar da aka gindaya masa. A nan abin da mai asusun yake buƙata shi ne shaidar lokacin da ya kira, wato lambar koken da aka ba shi, ko aƙalla tarihin kira a wayar maƙwabcin.

Naira 100,000 ta daren Talata ita ce mai wuya. Ɓarawon ya tsaya daidai kan iyakokin biyu, bai wuce 20,000 a kowace tiransifa ba, bai wuce 100,000 a ranar ba, kuma ba a sanar da bankin ba tukuna. Komai ya rataya a kan yadda ya samu lambar sirri. Idan mai wayar ya rubuta ta a cikin wayar, ko ya taɓa karanta wa wani ita a shagon POS don a danna masa, da wuya ya samu komai. Idan kuwa bayanan bankin suka nuna an sauya lambar sirri ko an yi sabuwar rajistar USSD a daren, magana ta canza. Mai riƙe da layin mutum yana iya ganin lambarsa ta BVN ta hanyar danna `*565*0#`, kuma tsofaffin saƙonnin alat suna nuna bankinsa da abin da ke asusunsa. Bankin da ya bari a sauya lambar sirri da bayanan da duk wanda ya tsinci waya zai iya samu, ba zai iya cewa mai asusu ne ya yi sakaci ba. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa a rubuta a takardar koke ita ce yaushe aka sauya lambar sirri ta ƙarshe, kuma da wace shaida.

Akwai hali na uku da ƙa'idojin ba su warware ba, wato a tilasta wa mutum faɗin lambarsa da bakin bindiga. A yankin da hare-haren 'yan bindiga suka addaba, kamar harin da aka kai Yargoje a watan Yunin 2024, wannan ba zato ba ne kawai. A idon na'ura cinikin halastacce ne, alhali mai asusun bai yi sakaci ba kuma bai yarda ba.

## Bankin da kuɗin ya sauka

Kuɗin sata sai ya sauka a wani asusu kafin a kwashe shi, sau da yawa cikin mintuna. Yawancin tiransifa tsakanin bankuna suna bi ta kamfanin NIBSS, kuma kowace tana da doguwar lambar shaida da ake bin sawunta da ita. Bankin mai koke na iya neman a riƙe kuɗin a can, sai dai riƙewa daban, mayarwa daban. Bankuna kan nemi umarnin kotu kafin su ci gaba da kulle asusun wani ko su cire kuɗi daga ciki, musamman tun hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara na shekarar 2019 a shari'ar bankin GTB da Adedamola, wanda ya ce ko hukumar EFCC ce ta nema, sai da umarnin kotu za a kulle asusu. Ga wanda aka sace wa naira 50,000, kuɗin lauya da na zirga-zirga na iya cinye abin da ake nema.

CBN ya fara matsa wa wannan ɓangare lamba. A watan Disambar 2023 ya ce ko ƙaramin asusu sai an haɗa shi da BVN ko lambar NIN. A watan Afrilun 2024 ya dakatar da OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint daga buɗe sababbin asusu, har zuwa watan Yuni, kan batun tantance masu asusu. Inshorar hukumar NDIC kuwa, wadda wasu ke zaton za ta biya su, tana aiki ne idan banki ya durƙushe, ba ta biyan kuɗin da ɓarawo ya cire.

## Koke da matsalar lokaci

Ana fara kai koke ga bankin ko kamfanin, a karɓi lambar koke. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, sai a rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na CBN ta `cpd@cbn.gov.ng` ko ta reshensa da ke Katsina, ba tare da biyan komai ba. Idan laifin daga wakilin POS ne, ƙa'idar wakilcin banki ta ɗora alhakin aikinsa a kan bankin ko kamfanin da ya naɗa shi.

Wasu ƙasashe sun juya nauyin hujjar. A Birtaniya dokar shekarar 2017 ta ce banki ya mayar da kuɗin da aka cire ba izini kafin ƙarshen ranar aiki ta gaba, sai dai idan ya nuna mai asusun ya yi zamba ko mummunan sakaci. A Indiya kuma, tun shekarar 2017, wanda wani na waje ya keta masa asusu ba ya asarar komai idan ya sanar cikin kwanakin aiki 3.

Duk waɗannan tsare-tsare sun dogara ne da cewa mutum zai iya sanarwa da wuri. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Kankara da Faskari da Sabuwa, kuma katsewar ta ɗauki watanni. Wanda aka ƙwace wa waya a lokacin ba shi da hanyar kiran banki ko danna lambar rufe asusu sai ya yi tafiya zuwa inda akwai sabis, shi kuwa wanda ya ɗauki layin yana iya isa can kafin shi.