Kallo nawa ne zai mayar wa mai tashar YouTube uwar kuɗinsa?

Mai shayi ya san kofi nawa zai sayar kafin kuɗin madara da sukari su dawo. Da yawa daga masu tashoshin YouTube ba su san nasu adadin ba, sai dai yawan mabiya. Alhali tasha ma sana'a ce, kuma lissafinta bai fi shafi ɗaya ba.

A ɗauki misalin mai tashar girki a Kano. Ta sayi waya da makirfo da fitila kan naira 360,000, tana sa ran su yi shekara biyu. Hakan na nufin naira 15,000 duk wata. Data da man janareta suna cin 25,000. Wannan 40,000 ɗin tana kanta ko ta ɗora bidiyo ko ba ta ɗora ba. Sai kuma cefane da kuɗin mota da ladan mai tace hoto, naira 10,000 kan kowane bidiyo. Bidiyo takwas a wata ya kai jimillar kashewarta 120,000.

Wajen hasashen abin da zai shigo, adadin da ya kamata ta duba a YouTube Studio shi ne RPM, wato abin da ke zama nata a kowane kallo 1,000 bayan kamfanin ya cire kasonsa. A ce nata ya yi daidai da naira 1,000. To sai ta samu kallo 120,000 a wata, wato 15,000 kan kowane bidiyo, kafin ta tashi ba riba ba faɗuwa.

Amfanin lissafin yana fitowa ne idan ba a kai wannan adadi ba. In kowane bidiyo yana tsayawa a kallo 6,000, yana kawo naira 6,000 alhali ya ci 10,000. Shawarar da aka saba bayarwa ta ƙara yawan bidiyo za ta ƙara mata asara ne kawai. Mafitarta ita ce ta rage kuɗin haɗa bidiyon, ko ta nemi tallan 'yan kasuwa kai tsaye.

Gaskiya ne tsofaffin bidiyoyi kan ci gaba da kawo kuɗi, shi ya sa ake auna kallon wata gaba ɗaya. Amma a gina hasashe kan watan da ya fi rauni, ba kan bidiyo ɗaya da ya yi tashe ba.

Akwai kuma jira. Kason talla kan dogayen bidiyoyi ba ya farawa sai tasha ta kai mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12, ko kallon Shorts miliyan 10 cikin kwana 90. AdSense kuma ba ya biya sai kuɗin sun kai dala 100. Duk abin da aka kashe kafin nan jari ne, kuma ya kamata mai tasha ya yanke iyakarsa tun kafin ya sayi makirfo.