Raddi Ga Mai Cewa Mogeji Jingina Ce

Wani daga cikin ma'abota tarjama ya yi da'awar cewa idan za a taƙaita takardar rancen banki da aka rubuta da Turanci, ya wadatar a ɗauko kalmar Hausa mafi kusa, a kira satifiket ɗin gwamna takardar mallaka, a kira mogeji jingina, wai don talaka ya fahimta ba da wahala ba. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma hujjojinsa ba su tsayu ba.

Hujjarsa ta farko ita ce mai satifiket shi ne mai ƙasa a idon jama'a. To, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, abin da mutum ke riƙe da shi kuwa haƙƙin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99 a gidan zama, wanda sashe na 28 ya halatta a soke shi saboda maslahar jama'a. Wanda aka ce masa mallaka zai ɗauka mulki ne cikakke irin na fiƙihu, alhali diyyar da doka ta tanada ta gini ce da shuka, ban da ƙasar kanta.

Ta biyu ta fi nauyi, domin ya ce duk bashin da aka tsare da dukiya jingina ne. Bahaushe kuwa ya san jingina da cewa gona tana komawa hannun mai kuɗi, yana nomanta har ranar fansa ko da shekaru sun ja, kuma rahani a mazhabar Malikiyya ba ya cika sai da karɓar abin a hannu. A mogeji mai gida yana nan zaune cikin gidansa, ba abin da ya bar hannunsa sai takarda, ruwa yana hawa kan bashin, kuma in ya saɓa wa'adi banki na da ikon sayar da gidan. Mutumin da aka karanta wa jingina zai sa hannu yana zaton ƙofar fansa ba ta rufuwa, sai ya wayi gari an sa gidansa a gwanjo, wannan kuwa zalunci ne da alƙalamin mai tarjama ya taimaka a kansa.

Amma faɗarsa cewa sharhi yana tsawaita taƙaitawa, jumla guda ta isa: a bar lafazin yadda yake, a ce mogeji, wato bashin da gida ke tsaye a kansa, wanda banki zai sayar in ba a biya ba. Sa'an nan wajibi ne a ambaci yardar gwamna da sashe na 22 ya sharɗanta, tun da rashinta ne ya sa Kotun Ƙoli ta rushe mogeji a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989.