Wasiƙar da Darakta Ya Gani Ba Ita Ce Ta Iso Wayata Ba

Ƙungiyoyi da ma'aikatu a Damagaram sun koyi tura wasiƙar labarai ta imel, amma har yau ba su koyi dubanta kafin su tura ba. Abin da suke kira dubawa shi ne a juya wa darakta allon kwamfuta a ofis mai iyakwandishan da intanet na kyauta, ya ga hotonsa ya fito tas, ya ga ba a rage masa muƙami ko ɗaya ba, ya ce madalla, a danna. Ba wanda ya tambayi yadda abin zai fito a Tecno ko itel ɗin ɗalibar Jami'ar André Salifou da ta sayi mega na dala ashirin, tana tsaye a bakin titin Zango rezo na zuwa yana ɗaukewa. Ita aka rubuta wa wasiƙar, kuma ita kaɗai ce ba a yi shawara da idonta ba.

Ga wadda ta fusata ni. Wata ƙungiya, ba zan kama suna ba, ta buɗe gurbin horas da matasa sana'a, da ranar rufe karɓar takardu. Labari mai daɗi, wanda zai iya canza wa wani yaro rayuwa. Taken wasiƙar da ya bayyana a akwati shi ne sunan ƙungiyar da lambar fitowa, shi ke nan. Da na buɗe, tambura na masu ba da tallafi suka tare ni jere, sai hoton bikin buɗe wani taro, sai jawabin shugaba sakin layi huɗu, duk godiya da jinjina. Maganar gurbin tana can ƙasa, bayan rahoton wata ziyara. Maɓallin cike takarda kuwa ban gan shi ba sam, domin Gmail ya datse wasiƙar kafin a kai gare shi, ya bar wani ɗan rubutu a ƙasa: `[Message tronqué] Afficher l'intégralité du message`. Mutum nawa ne suka san cewa abin da suke nema yana bayan wannan layin?

A fadar Sarkin Damagaram, idan sankira ya jera kirari kafin a faɗi magana, da dalili: jama'a sun zo, sun zauna, ba inda za su. Mai karanta imel bai zauna ba. Yatsansa yana kan allo, WhatsApp na kiransa. Tun a shekarar 2006 Jakob Nielsen da abokan aikinsa suka bi idanun masu karatu da na'ura, suka gano cewa mutum kan ba wasiƙar labarai daƙiƙa 51 a matsakaici bayan ya buɗe ta, kuma yawanci ba karantawa yake ba, ido yake kaiwa kan farkon layuka yana tsallake. Wancan ma a kwamfuta ne, a ƙasar da intanet ba ya yankewa. To wane ne ya gaya wa mutanenmu cewa daƙiƙun nan na jawabin shugaba ne?

Gyaran ba ya cin ko dala. Take ya faɗi maganar: gurbin horo, da ranar rufewa. Layin farko na cikin wasiƙa, wanda manhaja kan nuna a gefen take tun ba a buɗe ba, ya ƙara bayani, wa ya cancanta, a ina. Yawancin namu abin da ke fitowa a wurin nan shi ne gargaɗin cewa in wasiƙa ba ta buɗe ba a danna nan, wato an ɓarnatar da wuri mafi tsada a kan ba komai. A ciki, shafi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ba ginshiƙai uku kamar jarida ba, faɗinsa kada ya wuce fiksil 600, rubutu ya kai fiksil 15 ko 16, sakin layi gajeru, kowanne da kansa mai kauri. Gwajin mai sauƙi ne: ka miƙa wa wanda bai san zancen ba waya, ka ƙirga biyar, ka karɓe, ka tambaye shi me ake so ya yi, kuma yaushe. In ya yi shiru yana sosa ƙeya, wasiƙar ta faɗi, ko da darakta ya sa hannu sau goma.

Sai maganar maɓalli, inda nan ne son kowa ya fito yake kashe aiki. Da na buɗe cikakkiyar wasiƙar nan, na tarar da maɓallai biyar, launi ɗaya, girma ɗaya: a bi mu a Facebook, a sauke rahoton shekara, a kalli hotuna, a ba da gudummawa, sai na cike takarda a na biyar. Na san yadda hakan ke faruwa. Kowane sashe na ofis yana son nasa, kuma mai haɗa wasiƙar ƙaramin ma'aikaci ne da ba zai iya ce wa babba a'a ba. Amma taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Wasiƙa ɗaya, buƙata ɗaya, maɓalli ɗaya, a sama inda za a gan shi ba tare da an ja allo ba. In wasiƙar doguwa ce a maimaita shi a ƙasa, shi ɗin dai, ba wani ba. Sauran abubuwan su zama mahaɗi na rubutu kawai, su san matsayinsu. Kuma a rubuta aikin a jikin maɓallin. "Danna nan" ba magana ba ce. "Cike takardar neman gurbi" ita ce magana. Tsayinsa ya kai abin da babban yatsa zai taɓa ba kuskure. Apple na ba da shawarar 44, Google 48, a ma'aunin allonsu.

Wani zai ce ai an ce mutanenmu sun fi son hoto. To ga abin da hoto ke jawowa. Da yawa sukan zana fosta guda, da rubutu da ranar rufewa da maɓalli duk a ciki, su liƙa ta a matsayin wasiƙar baki ɗaya. Outlook, wanda ma'aikatan ofisoshi da ƙungiyoyin waje ke amfani da shi, yakan toshe hotuna har sai mai karatu ya ba da izini, don haka abin da zai gani farin akwati ne da ɗan jan alama. A waya kuma, in rezo ya yi rauni, hoton ba zai sauko ba. In ya sauko, fostar da aka zana don bango ta ƙanƙance, rubutun ya koma kamar ƙwayar gero. Ga kuma lissafi: hoton da aka ɗauko kai tsaye daga kyamarar waya yakan kai mega biyu ko uku. Shida daga cikinsu sun haura mega goma sha biyu, daga aljihun wanda yake neman aiki. Hoton da aka rage zuwa faɗin da ake buƙata, kilobayit ɗari ya ishe shi. Kowane hoto kuma a sa masa bayanin `alt`, domin in bai buɗe ba a karanta abin da ya ƙunsa. Ranar rufewa da maɓalli kuwa haramun ne su zauna a cikin hoto.

Datsewar da Gmail ya yi wa waccan wasiƙa ba laifin hotuna ba ne, kuma nan ne mutane kan ruɗe. Gmail yana auna nauyin rubutun HTML na wasiƙar, in ya wuce kilobayit 102 sai ya yanke. Me ke kumbura shi? Kwafo rubutu kai tsaye daga Word. Kowane sakin layi yana zuwa da tarkacen umarnin ado da ido ba ya gani, har rubutun shafi biyu ya yi nauyin littafi. A fara zuba rubutun a Notepad ya wanke, sannan a ɗauko. A kuma daina cusa labarin wata uku a wasiƙa ɗaya.

Tsohon Outlook na Windows yana da nasa ciwon. Tun fitowar 2007, injin Word yake amfani da shi wajen nuna wasiƙa, ba injin burauza ba. Shi ya sa maɓallin da ya fito da kyau a Gmail, mai zagayayyun kusurwoyi da fili a gefe, yakan koma ɗan siririn rubutu mai launi a Outlook. Maganin da masu sana'ar suka daɗe da sani shi ne a gina maɓallin a cikin tebur, launi da fili su zauna a kan ɗakin teburin:

```html
<table role="presentation"><tr>
<td bgcolor="#0b5d3b" style="padding:14px 28px;">
<a href="..." style="color:#ffffff;font:bold 16px Arial;text-decoration:none;">Cike takardar neman gurbi</a>
</td></tr></table>
```

Ba ado gare shi ba, kuma yana da iyaka: rubutun ne kaɗai ke dannuwa, ba duk koren filin ba. Amma ko an toshe hotuna yana nan, ko a Outlook yana nan, ko a Yahoo, wanda har yau dattawanmu da yawa ba su rabu da shi ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda samfuran da ake saukowa da su daga waje ba su san da shi ba. Ranar da aka yi abin kirki aka rubuta wasiƙa da Hausa, sai ka ga "ƙungiya" ta fito `Æ™ungiya`, "ɗalibi" ya fito `É—alibi`. Na Faransanci ma ba su tsira ba, é kan koma `Ã©`. Da ka ga haka ka san an rubuta da `UTF-8` amma ba a shaida wa manhajar ba, sai ta karanta da tsohon tsarin Windows. Wani lokacin kuma haruffan suna nan, amma masu lanƙwasa sun fi sauran girma ko sun karkace, domin an zaɓi wani salon rubutu na ƙawa da ba shi da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, manhaja ta aro su daga wani wuri. Gmail dama ba ya sauko da salon rubutun da ka ɗora daga intanet. Abin haushin shi ne, maimakon a gyara, sai a cire lanƙwasar gaba ɗaya, a bar mai karatu ya yi ta canki-canka tsakanin ƙasa da kasa.

Kamfanoni irin su Litmus suna sayar da hidimar nuna maka wasiƙarka a manhajoji da dama lokaci guda, da kuɗin waje. Ban ce ƙungiyar da ke Sabon Gari ta biya wannan ba. A ofis ɗin nan akwai direba mai itel, akwai sakatariya mai Yahoo, akwai akanta mai Outlook, wataƙila darakta na da iPhone. A tura musu gwaji. A kashe wifi, a buɗe da mega. A buɗe sau ɗaya hotuna a toshe. A kunna baƙin allo na dare, domin tambarin da aka zana da baƙin rubutu ba shi da bango yakan ɓace ɗungurungum a can. A gangara har ƙasa a ga ko Gmail ya datse. Sannan a danna maɓallin da yatsa, a bi shi har inda ya kai, domin na sha ganin maɓalli lafiyayye da ke kai mutum ga fam ɗin da aka rufe tun bara, ko ga takardar PDF mai mega ashirin. Duk wannan bai kai rabin awa ba, ƙasa da lokacin da ake ɓatawa wajen gardamar tambarin wa zai zo farko.

Kuma idan wa'adi ya cika aka ga takardu kaɗan, kada a sake shiga taro a ce matasan Zinder ba su da himma, ba sa karatu. A fara kawo wayar direba a buɗe wasiƙar a gaban kowa, darakta ya nemo maɓallin da kansa.